Java 8, 17 ko 21: wanne za ka saka wa manhajar da ta ƙi buɗewa?

Idan ka sauke wata manhaja ta ce maka sai da Java za ta yi aiki, tambayar da ta kamata ka fara yi ita ce: wane Java ita manhajar take so? Yawancin mutane suna tambayar wanne ne ya fi sabunta, wasu kuma suna danna maɓallin farko da suka gani a intanet su sauke. Duka hanyoyin biyu kan kai mutum ga ɓata yini guda. A wannan sha'ani manhajar ce mai zaɓi, kai naka shi ne ka gano abin da ta zaɓa, sannan ka yanke shawarar daga hannun wa za ka karɓa.

Bari mu fara da abin da ake sakawar. Manhajar da aka rubuta da Java ba ta magana da kwamfutarka kai tsaye. Ana harhaɗa ta ne ta koma wasu fayiloli masu ƙarshen `.class`, a ɗure su cikin fayil ɗaya mai ƙarshen `.jar`, sai wani inji mai suna JVM ya karanta su ya gudanar. Wannan injin tare da ɗakunan karatunsa na lambobi shi ake kira JRE. Akwai kuma JDK, wanda ya ƙunshi duk abin da ke cikin JRE, da ƙarin kayan aikin masu rubuta manhaja, irin su `javac`. Idan gudanar da manhaja kawai za ka yi, JRE ya ishe ka, kuma ya fi sauƙin nauyi wajen saukewa. Idan JDK kaɗai ka samu, saka shi ba ya cutar da komai, wuri kawai zai ƙara ci. A nan babu abin dogon tunani, sai fa idan manhajar ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa JDK take buƙata, kamar yadda kayan gina manhaja irin su Maven suke yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar siga. Java 8 ya fito a watan Maris na 2014. Daga Java 9 da ya fito a Satumban 2017 aka koma fitar da sabuwar siga duk wata shida, a Maris da Satumba. Mafi yawansu gajeren rai gare su: da zarar na gaba ya fito, an daina yi wa na baya gyaran tsaro. Kaɗan daga ciki ne ake ware wa kulawa ta shekaru, waɗanda za ka ga an rubuta LTS a gefensu: 8, sai 11 na 2018, 17 na 2021, 21 na 2023, da 25 na 2025. Don haka da ka ga 19 ko 22 ko 23 a wani shafi, wuce su kawai. Masu gwada sababbin abubuwa aka yi wa su. Wanda yake son manhajarsa ta buɗe yau, ta kuma buɗe baɗi, cikin waɗancan biyar zai zaɓa.

Wani abu da ke rikita mutane: Java 8 yana kiran kansa 1.8. Idan ka buɗe tagar umarni ka rubuta

```
java -version
```

ka ga an amsa maka da `java version "1.8.0_401"`, to Java 8 ne a kwamfutarka, lambar da ke bayan layin ƙasan kuma ta sabuntawa ce. Daga 9 zuwa sama an daina sa wannan ɗayan a gaba, sai ka ga `openjdk version "21.0.4"` kai tsaye. Manhajar da ta rubuta cewa tana buƙatar 1.8 da wadda ta rubuta 8, abu ɗaya suke nufi.

Idan Java ɗinka ya tsufa wa manhajar

Wannan ita ce matsalar da ta fi sauƙin ganewa, domin Java da kansa yake faɗa maka abin da ya faru, in dai ka san yadda ake karanta bakinsa. Kowane fayil na `.class` yana ɗauke da wata lamba a kansa mai nuna da wace siga aka harhaɗa shi. Tsohon JVM idan ya ga lambar da ta fi ƙarfinsa ba ya ko gwadawa, nan take yake tsayawa ya fitar da saƙo irin wannan:

```
UnsupportedClassVersionError: ... (class file version 65.0),
this version of the Java Runtime only recognizes
class file versions up to 52.0
```

Lambobi biyu ne a ciki. Ta farko ta manhajar ce, ta biyun ta Java ɗin da ke kwamfutarka. Cire 44 daga kowace, sai sigar ta fito. 65 a cire 44 saura 21, 52 a cire 44 saura 8. Ma'ana, manhajar da Java 21 aka gina ta, kai kuma 8 kake da shi. Haka 55 yake nufin 11, 61 yake nufin 17, 69 kuma 25. Wannan ɗan lissafin ya fi duk wani kame-kame amfani, kuma ina ganin duk mai hulɗa da fayilolin `.jar` ya kamata ya haddace shi.

Sai dai akwai sharaɗi: ba za ka ga saƙon ba idan danna fayil ɗin kake yi sau biyu da linzami. A Windows, dannawar tana kiran `javaw.exe` ne, wanda ba ya buɗe tagar umarni, don haka sau da yawa manhajar za ta mutu shiru, ko ta nuna ɗan gajeren saƙo marar bayani. Shiga foldar da fayil ɗin yake, ka buɗe tagar umarni a nan, ka rubuta `java -jar` da sunan fayil ɗin. A nan ne cikakken bayanin zai fito.

Wasan Minecraft na Java misali ne da mutane da yawa suka sha wannan wahala a kansa. Shekaru ana gudanar da sabarsa da Java 8. Da Minecraft 1.17 ya fito sai ya nemi Java 16, 1.18 ya nemi Java 17, 1.20.5 kuma ya nemi Java 21. Mai sabar da ya sabunta wasan bai taɓa Java ɗinsa ba, wancan saƙon na sama shi zai tarar.

To me zai hana a saka mafi sabo a huta?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma mafi yawan lokaci amsarta ita ce babu abin da zai hana. Sabon JVM yana karanta tsofaffin fayiloli: Java 21 zai karɓi fayil mai lamba 52 ba tare da gardama ba. Manhajar da aka gina da 17 kusan kullum za ta yi aiki lafiya a kan 21. Tsakanin 17 da 21 tazarar ba ta da haɗari sosai, kuma idan masu manhajar suka rubuta 17 ko sama da haka, ni 21 nake ba da shawara, saboda zai fi daɗewa yana samun gyara.

Babban ramin yana tsakanin 8 da duk abin da ya biyo bayansa. A Java 9 an sake fasalin cikin Java gaba ɗaya, aka rarraba shi kashi-kashi, a 11 kuma aka fitar da wasu sassa da tsofaffin manhajoji suka dogara da su. Manhajar da aka rubuta a zamanin 8 tana ɗauka cewa waɗannan sassa suna nan a cikin Java, don haka ba ta taho da nata ba. Sai ta tashi a kan 17, ta miƙa hannu inda ta saba, ta tarar babu. Kamar mutumin da ya saba kwana a wani masauki ne yana tarar da bargo a ɗaki, ran nan ya zo ba guzurin nasa, ashe an daina ajiyewa.

Alamomin wannan daban suke da na farko. Idan ka ga

```
NoClassDefFoundError: javax/xml/bind/JAXBException
```

to manhajar tana neman sashen sarrafa XML da aka cire a 11. Idan abin da aka ce ba a samu ba ya fara da `javafx`, tana neman JavaFX ne, kayan zana tagogi da maɓallai, wanda a da yake zuwa cikin Java 8 na Oracle amma aka raba shi da JDK tun daga 11. Idan kuma fayil ɗin da aka ba ka ƙarshensa `.jnlp` ne, Java Web Start yake buƙata, shi ma a 11 Oracle ya cire shi. Akwai na huɗu mai suna `InaccessibleObjectException`, wanda ke nuna manhajar tana ƙoƙarin leƙa cikin kayan Java na ciki. A da ana barinta ta leƙa, daga 9 aka fara yi mata gargaɗi, a 16 aka rufe ƙofar, a 17 kuma aka cire hanyar buɗe ta gaba ɗaya da umarni guda. Wannan na ƙarshen ana iya lallaɓa shi da `--add-opens`, a buɗe mata daidai sashen da saƙon ya ambata, amma in ba masu manhajar ne suka ba ka layin da za ka rubuta ba, za ka yi ta toshe wata ɓaraka wata na ɓullowa.

Abin da ya sa wannan nau'in matsalar ya fi damuna shi ne ba lallai ta bayyana a farko ba. Ta tsohon Java nan take take tsayar da kai. Ta sabon Java kuwa, manhajar tana iya buɗewa sumul, ka yi aiki da ita kwana da kwanaki, sai ranar da ka danna maɓallin fitar da rahoto ta faɗi, domin sai a lokacin ne ta nemi sashen da aka cire. Saboda haka idan takardar manhaja ta ce Java 8 ba ta ƙara da cewa ko sama da haka ba, ka ɗauki maganar da gaske ka ba ta 8. Ba a watsar da 8 ba tukuna, har yanzu masu rarraba Java da dama suna fitar masa da gyaran tsaro duk wata uku. Abin gudu shi ne tsohon 8 da aka saka shekaru da suka wuce ba a taɓa sabunta shi ba.

Java 11 yana tsakiya: an riga an cire waɗancan sassa, amma ƙofar leƙen ciki tana buɗe tukuna. Ba na ganin dalilin zaɓarsa sai idan manhajar ce ta kira sunansa. Shi kuma 25, a matsayinsa na sabon LTS, ka duba ko masu manhajar sun ce sun gwada shi kafin ka ɗora mata.

Daga hannun wa?

Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, Oracle ya sayi kamfanin a 2010. Tushen lambobin Java a buɗe yake ƙarƙashin aikin OpenJDK, kuma daga wannan tushe ɗaya kamfanoni da ƙungiyoyi daban-daban suke gina nasu: Eclipse Temurin na Adoptium, Amazon Corretto, Azul Zulu, BellSoft Liberica, da na Microsoft, da na Oracle kansa. Ga mai gudanar da manhaja, Java 21 na wannan da Java 21 na wancan aiki ɗaya suke yi. Bambancin yana wuri uku: lasisi, abin da aka haɗo a ciki, da sigogin da kowa yake bayarwa.

Lasisin shi ne abin da ofisoshi ba sa lura da shi. Shafin java.com, wanda shi ne mutane da yawa suke fara faɗawa, an daɗe an san shi da bayar da Java 8 na Oracle, kuma wannan ne ma ya sa ake yawan ganin lamba 52 a saƙon kuskure. Tun watan Afrilun 2019 sabuntawar Java 8 na Oracle take ƙarƙashin lasisin da ya yarda da amfanin kai kyauta, amma amfanin kasuwanci yana buƙatar biyan kuɗin rajista. Sababbin sigogin Oracle daga 17 sun zo da lasisin kyauta, sai dai mai wa'adi ne: na 17 ya ƙare a Satumban 2024, sabuntawar da ta biyo baya ta koma ƙarƙashin sharuɗɗa masu tsauri. Wanda yake da yarjejeniya da Oracle, ko manhajarsa ta Oracle ce, ba shi da damuwa. Wanda ba shi da ita kuma yake sakawa a kwamfutar aiki, ya fi masa kwanciyar hankali ya ɗauki ɗaya daga cikin ginin OpenJDK, waɗanda suke ƙarƙashin lasisin GPL kuma kyauta ne ga gida da ofis.

A cikinsu, Temurin nake fara nuna wa mutum, saboda yana da 8 har zuwa sababbi, kuma yana ba da JRE daban da JDK, alhali Oracle ya daina fitar da JRE shi kaɗai tun daga 11. Idan manhajar JavaFX take nema, Temurin ba zai biya buƙata ba: nemi Liberica mai alamar Full ko Zulu mai alamar FX, su ne suka haɗo shi a ciki. Na Microsoft daga 11 ya fara, ba shi da 8. Mai fayil ɗin `.jnlp` kuma yana da zaɓi biyu, ko Java 8 na Oracle da sharuɗɗansa, ko OpenWebStart, wanda aka yi domin cike wannan gurbin.

A Linux, ma'ajiyar tsarinka tana da OpenJDK, kuma shi ya fi dacewa tunda zai riƙa sabuntuwa tare da sauran kaya. Ka dai kula da suna. A Debian da Ubuntu akwai `openjdk-17-jre` akwai kuma `openjdk-17-jre-headless`. Na biyun ba shi da kayan zana taga, don saba aka yi shi. Idan ka ɗora manhaja mai tagogi a kansa za ta faɗi da `HeadlessException` ko ta ce ba ta ga `libawt_xawt.so` ba.

Sai batun furosesa. Ɗauki x64 ga yawancin kwamfutoci, aarch64 ga Mac mai guntun Apple da sauran na'urorin ARM. Java mai bit 32 a Windows ba ya iya ba manhaja fiye da kusan gigabait ɗaya da rabi, don haka idan aka nemi ya ware huɗu da `-Xmx4G` zai ƙi tashi, ko da kwamfutar tana da RAM mai yawa. A amsar `java -version` nemi inda aka rubuta `64-Bit`. Dalili ɗaya da zai sa ka zaɓi 32 da gangan shi ne manhajar da ke magana da wata tsohuwar na'ura, kamar mai karanta kati, ta hanyar fayil ɗin DLL mai bit 32, domin dole JVM da DLL su zama iri ɗaya.

Kwamfuta ɗaya, manhaja biyu

A ce ga kwamfutar Windows a wani ofis. Akwai tsohuwar manhajar lissafi, `tsoho.jar`, da take aiki da Java 8 shekara da shekaru. An kawo sabuwa, `sabo.jar`, ta ƙi buɗewa. An gudanar da ita a tagar umarni, saƙon 65 da 52 ya fito. Hanyoyi biyu ne a gaba: a cire 8 a saka 21, ko a ajiye duka biyun.

Hanyar farko ta fi tsafta, kuma ita ce daidai idan `tsoho.jar` zai yarda da 21. Ana iya ganewa ba tare da an cire komai ba. Sauke Temurin 21 na fayil ɗin `.zip` maimakon mai sakawa, ka warware shi a wata folda, a ce `C:\java\21`, ta yadda foldar `bin` za ta kasance kai tsaye a ciki. Java ba ya buƙatar a girka shi kafin ya yi aiki, folda ce kawai. Sai ka kira shi da cikakken adireshinsa:

```
C:\java\21\bin\java -jar tsoho.jar
```

Yi gwajin a kan kwafin bayanai, kada ka yi a kan na ainihi. Kada kuma ka tsaya a ganin taga ta buɗe. Buga takarda, fitar da rahoto, shigo da fayil, adana, duk abin da ake yi da manhajar a ƙarshen wata. A ce wajen fitar da rahoton sai ga `javax/xml/bind` ya bayyana a tagar. An gama magana, wannan manhajar ta 8 ce, hanya ta biyu za a bi.

Zaman sigogi biyu a kwamfuta ɗaya ba ya kawo rikici da kansa. Rikicin yana tasowa ne a kan wanne zai amsa idan aka kira `java` kawai. Windows yana bin jerin foldoji da ke cikin `PATH` ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara samu shi ne nasa. Umarnin `where java` zai jero maka duk waɗanda ya gani, na saman shi ke aiki. Mai saka Java na Oracle yakan ajiye wata folda mai suna `javapath` a farkon jerin, shi ya sa mutum zai saka 21 ya rubuta `java -version` ya ga har yanzu 1.8 ake nuna masa. Wani lokacin ma dalilin bai kai haka ba: tagar umarnin da aka buɗe kafin sakawa tana riƙe da tsohon `PATH`, sai an rufe ta an buɗe sabuwa. Ban da wannan, wasu manhajoji ba sa kallon `PATH` sam, `JAVA_HOME` suke karantawa, wanda ya kamata ya nuna babbar foldar Java ɗin, ba `bin` da ke cikinta ba. Danna `.jar` sau biyu kuma hanyarsa daban ce ta uku: yana bin wanda aka yi wa rajistar buɗe irin wannan fayil, galibi wanda aka saka daga ƙarshe. Wurare uku ke nan da kowanne zai iya nuna Java daban.

A wannan ofis, mafi aminci shi ne kada a taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. A bar 8 yadda yake tunda tsohuwar manhajar ta saba da shi, a sabunta shi zuwa fitowar ƙarshe, a kuma duba batun lasisinsa. Ita sabuwar a yi mata ɗan fayil mai suna `sabo.bat` a foldarta, a rubuta wannan a ciki:

```
cd /d "%~dp0"
C:\java\21\bin\java -jar sabo.jar
pause
```

Layin farko yana shiga foldar da fayil ɗin yake, na biyu yana kiran 21 da sunansa, na uku yana hana tagar rufewa domin a iya karanta kuskure idan ya faru. Ma'aikaci zai riƙa danna `sabo.bat`, kowace manhaja ta tafi da nata. Kuɗin da za a biya a wannan tsari shi ne Java na cikin `.zip` ba ya sabunta kansa. Gyaran tsaro yana fitowa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, sai wani ya ɗauki nauyin sauke sabon ya maye gurbin abin da ke cikin `C:\java\21`. Da yake sunan foldar ba ya canzawa, fayil ɗin `.bat` ba ya buƙatar gyara.

Idan kuwa manhaja ɗaya ce tak a kwamfutar, duk wannan ba ya tasowa. Ɗauki mai sakawa na `.msi`, ka bar shi ya ƙara kansa a `PATH`, ka kunna zaɓin `JAVA_HOME` a tagar sakawar, ko ka rubuta `winget install EclipseAdoptium.Temurin.21.JRE`. A Debian da Ubuntu `sudo update-alternatives --config java` ne ke ba ka jeri ka zaɓi wanda zai amsa kira, a Mac kuma `/usr/libexec/java_home -V` zai nuna maka waɗanda ke akwai.

Kafin ka sauke komai ma, leƙa foldar manhajar. Da yawa daga cikin manhajojin yanzu suna zuwa da nasu Java a cikin wata folda mai suna `jre` ko `runtime` ko `jbr`, kamar yadda IntelliJ IDEA da manhajar buɗe Minecraft suke yi. Irin waɗannan ba sa kallon wanda ka saka a tsarin, kuma idan ɗayansu ya ƙi buɗewa, saka sabon Java a kwamfutar ba zai canza komai ba. Gyaran yana cikin saitin manhajar, inda aka rubuta adireshin Java ɗin da take kira.